Kafin ka sayi taswirar duniya ta bango, duba girman Girinlan tukuna

Kwanaki na shiga wani shagon littattafai ina neman taswirar duniya da zan liƙa a bangon aji, mai shagon ya warware min guda uku a kan kanta, duk masu ƙyalli, duk an sa musu leda, ya ce malam zaɓi kawai duk ɗaya ne kala ce ta bambanta. To ba ɗaya ba ne wallahi. A guda biyu tsibirin Girinlan ya kai girman Afirka, a ta ukun bai kai ko kusa ba, kuma babu wadda aka yi kuskuren bugawa a cikinsu, kowacce da gangan aka zana ta haka.

Duniya dai dunƙulalliya ce, takarda kuma shimfiɗaɗɗiya. Ka kife ƙwarya a ƙasa ka danne ta da ƙafa don ta kwanta fayau, ba za ta kwanta ba sai ta tsage. Ɓawon lemo ma haka, ko ya yage ko ka ja shi ya miƙe. Amma takardar da aka naɗe kamar tabarma in ka warware ta lafiya lau take kwanciya, don lanƙwasarta ta gefe ɗaya ce, ita kuwa ƙwarya ta ko'ina ta lanƙwashe. Wani masanin lissafi Bajamushe, Gauss, ya tabbatar da wannan da hujjar lissafi a 1827, cewa ba yadda za a yi a shimfiɗa fuskar abu dunƙulalle ba tare da an ja wani wuri ko an matse wani ba. Saboda haka duk mai zana taswira dole ya zaɓi abin da zai kiyaye, ko siffar ƙasashe, ko girmansu, ko nisa, ko fuskar da ake dosa. Siffa da girma kam ba sa taɓa haɗuwa a taswira ɗaya ta takarda, in ka riƙe ɗaya ɗayan ya kuɓuce.

Wadda ta fi cika shaguna ita ce Mercator, sunan mutumin da ya fitar da ita a 1569, kuma don matuƙa jirgin ruwa ya yi ta. Gane ta ba wuya: layukan da suka sauko daga arewa zuwa kudu duk a miƙe suke sambal ba sa haɗuwa, layukan kwance kuma tazararsu na ƙara faɗi in kana hawa sama. A zahiri layukan tsayen nan haɗuwa suke a ƙarshen arewa da kudu kamar saɓar lemo. Zagayen duniya a ikwaita, wato layin da ya raba ta biyu, kilomita 40,075 ne, amma a digiri 60 arewa, wajen birnin Oslo, zagayen kusan rabin haka ne. Ita taswira tunda mai kusurwa huɗu ce dole faɗinta ya zama ɗaya sama da ƙasa, sai aka ja wancan layin ya ninka biyu. To don kada ƙasashen su fito a baje, sai aka ja su ta tsaye ma sau biyu. Biyu ta faɗi biyu ta tsawo, fili ya ninka huɗu kenan.

In kana da kalkuleta a waya za ka iya gwadawa da kanka, jan da ake yi a kowane wuri shi ne 1/cos(φ), inda φ take nufin digirin nisan wurin daga ikwaita, sai ka ninka amsar da kanta ka samu na fili. Kano tana wajen digiri 12, amsar 1.02 ce, wato filinta ya ƙaru da abin da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, ido ma ba zai gani ba. Tsakiyar Girinlan tana wajen digiri 72, amsar ta ɗan haura 3.2, fili ya ninka sama da goma. Shi ya sa tsibirin da girmansa murabba'in kilomita miliyan 2.2 ne yake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da Afirka mai kusan miliyan 30, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14, ko Aljeriya ma ta fi shi. Wanda ya fi damuna ma a aji shi ne Suwidin, filinta bai kai rabin Najeriya ba, ita wajen 450,000 mu 923,768, amma a Mercator yaro zai gan ta ta fi Najeriya girma, kuma abin da ya gani a bango kullum shi zai zauna masa a kai ba abin da ka faɗa sau ɗaya ba.

Ba wai Mercator ba ta da amfani ba fa. Kusurwa take kiyayewa, in ka ja layi miƙaƙƙe a kanta ka auna digirinsa, matuƙi zai iya saita kamfas a wannan digirin ya yi ta tafiya har ya isa. Taswirar cikin waya ma wani nau'inta ce, don in ka zuƙo unguwa titunan da suka gicciye juna suna fitowa daidai ba karkacewa. Amma a bangon aji ko falo inda za a riƙa kwatanta wannan ƙasa da waccan, ni dai ba zan sa kuɗina ba.

Sai Gall-Peters, wadda mutane da yawa ke gudu wajenta da zarar sun ji labarin Mercator. Wani limamin coci ɗan Sikotlan, James Gall, ya fara gabatar da ita a 1855, Arno Peters kuma ya tallata ta a 1973. Girma take kiyayewa cif, in wata ƙasa ta ninka wata biyu a zahiri haka za ka gani a takarda. Kuɗin da ta biya shi ne siffa, kuma mu ne muka fi shan wahalar, don a digiri 45 arewa da kudu ne kawai siffa take daidai, wato wajen kudancin Faransa. A ikwaita kuwa abin da ya kamata ya fito da'ira sai ya fito kamar ƙwai a tsaye, tsawonsa ya ninka faɗinsa biyu. Za ka ga Afirka ta zama doguwa siririya kamar an rataye jiƙaƙƙen zane a igiya, Najeriya da Nijar duk an ja su sama da ƙasa. Yaron da ya koyi zana Afirka daga nan ba zai gane ta a wani wuri ba.

Biyun farko da mai shagon ya nuna min Mercator ne, ta ukun kuwa Robinson ce, mai lanƙwasassun gefe, sama da ƙasa a daddare. Arthur Robinson ya tsara ta a 1963 kuma ba ta kiyaye girma ko siffa ɗari bisa ɗari, ta ɗan rage nan ta ɗan rage can ne don komai ya yi kyan gani. Masu mujallar National Geographic ta Amurka sun yi amfani da ita daga 1988 zuwa 1998 sannan suka koma Winkel Tripel, ita ma irin wannan sulhun ne. In su kaɗai ka samu a kasuwa saya abinka, sun fi Mercator nesa ba kusa ba, sai dai har yanzu Girinlan da Rasha da Kanada sun ɗan kumbura.

Wadda ni na fi so ga aji ita ce Equal Earth, ta 2018, mutum uku suka haɗa ta, Bojan Šavrič da Tom Patterson da Bernhard Jenny. A ido kamar Robinson take amma girman ƙasashe daidai yake, siffa ta ɗan taɓu musamman can gefe-gefe amma bai kai na Gall-Peters ba. A watan Agustan 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kamfe ɗin da ke kira a koma irinta. Matsalar ita ce ban same ta a shagon ba, sai da na sauke fayil ɗinta, kyauta ne, na kai wajen masu buga bana. Nan ma a kula, ka tsaya a kan mai kwamfutar kada ya ja hoton ta gefe ɗaya don ya cika faɗin ledar, gara a bar farin fili a gefe, in ya ja to siffar da aka sha wahalar daidaitawa ta tafi.

Akwai abu ɗaya da duk waɗannan ba za su yi maka ba, shi ne alƙibla, kuma na sha ganin an ɗora rula a taswirar bango ana nema. Alƙibla hanya mafi kusa ce a kan dunƙulalliyar duniya zuwa Makka, layin rula a Mercator kuwa hanyar da digirin kamfas ba ya canjawa ce, su biyun ba ɗaya ba ne. Daga Kano zuwa Makka, wajen kilomita 3,500, rula a Mercator za ta ba ka kusan digiri 72 da rabi daga arewa, lissafin gaskiya kuma wajen 68 ne, bambancin digiri huɗu. Mu da muke kusa da ikwaita abin da sauƙi, amma ɗan'uwanmu da ke New York rula za ta nuna masa wajen digiri 101, gabas ta ɗan karkata kudu, alhali alƙiblarsa wajen 58 ce, arewa maso gabas. In ka samu gulob, wato ƙwallon duniyar nan mai juyawa, ka ɗora zare daga New York zuwa Makka ka ja shi ya yi tsam, da idonka za ka ga ya bi ta arewacin tekun Atilantika ya ratsa Turai. Wannan ne ma ya sa in kuɗin ya kai nake cewa a haɗa da gulob ko ƙarami ne, shi kaɗai ne siffa da girma da nisa duk suke daidai a kansa, illarsa dai ba ka ganin duk duniya lokaci guda kuma ƙananan garuruwa ba sa samun wuri.

A shago ga yadda nake yi yanzu. Ina fara duba kusurwar ƙasa inda ake rubuta sunan salon zanen da ƙananan haruffa, in babu sai in ɗora tafin hannu a kan Afirka sannan in mayar kan Girinlan, in sun yi kusa da juna Mercator ce, in Afirka ta yi tsawo fiye da kima Gall-Peters ce. Ɗan ma'aunin kilomitan da ke ƙasa kuma kada ka yarda da shi ko'ina, a Mercator a layi ɗaya kawai yake aiki, yawanci ikwaita, in ka auna Norwe da shi nisan zai fito ninki biyu ko fiye. Daga nan sai in leƙa Sudan, in ba a raba ta da Sudan ta Kudu ba to zanen kafin 2011 ne ko da ledar sabuwa ce dal, sai in ce a warware min wata.