Wasiƙar neman aiki: ta gida da ta kamfanin waje

"Na karanta akanta, na gama bautar ƙasa. Wani kamfani a Birtaniya yana neman ƙaramin akanta. Wasiƙar da nake kai wa ma'aikatu a nan za ta yi, ko sai na sake wata?"

Sake ta za ka yi, ƙanena, tun daga layin farko.

Wasiƙarmu ta gida roƙo ce. Mukan buɗe da "cikin ladabi da biyayya nake neman a taimaka mini da kowane irin aiki", mu rufe da alƙawarin riƙon amana. Ta can kuwa amsa ce ga tallan da kamfanin ya buga. Mai karantawa yana riƙe da jerin abubuwan da suka nema, yana duba wanne ka taɓa yi da hannunka. "Kowane irin aiki" a wurinsa na nufin ba ka karanta tallan ba. Ambaci sunan gurbin kamar yadda suka rubuta shi, da inda ka gani.

A nan mun saba jera ranar haihuwa, jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, aure, har da liƙa hoto. Cire su gaba ɗaya. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda shekaru, addini, launin fata ko jinsi, don haka kamfanoni ba sa son ganin waɗannan a takarda. Takardar shaidar ɗan ƙasa da ta firamare ma ka ajiye su sai an tambaya.

Tsakiyar wasiƙar ce ke ba sababbin masu digiri wahala, don suna ganin ba su da abin faɗa. A ce makarantar sakandare aka tura ka bautar ƙasa, ka riƙe lissafin kuɗin makaranta. Ta gida za ta ce: "Ni mai ƙwazo ne da gaskiya." Ta waje za ta ce: "Na shekara ɗaya ina riƙe da lissafin kuɗin ɗalibai 400. Na kwashe shi daga littafi zuwa Excel, kuma duk ƙarshen wata ina daidaita rasit da takardar banki." Ga aiki, ga adadi, ga kayan aiki. Sai dai adadin ya zama na gaskiya, don a kansa za su tsare ka ranar ganawa. Kuma kada ka ɗauka sun san bautar ƙasa. Ka ce hidimar shekara ɗaya ce ta dole bayan digiri.

Matakin digiri irin 2:1 sun san shi, tsarinsu ne muka gada. Idan maki za ka rubuta, ka nuna bisa nawa ne, misali bisa 5.

Shafi ɗaya ya isa, a tura shi a PDF. Kafin ka sa hannu, ka faɗi a jimla guda ko daga Najeriya za ka yi aikin, ko sai kamfanin ya tsaya maka wajen bizar aiki. Idan a can za a yi aikin, kuma tallan ya ce ba sa tsayawa, kada ka ɓata wasiƙarka a kansu.