Gargaɗi ga masu sayen hannun jari: jimillar kadara ba ita ce dukiyar kamfani ba

Jama'a, musamman 'yan kasuwar Garwa da Marwa da suka tara ɗan abin hannu suna neman inda za su zuba shi, ku yi hattara da wasu dillalai da ke yawo da takardar lissafin wani kamfanin hatsi, suna tallar hannun jarinsa tare da alkawarin riba kashi 10 cikin ɗari kowane wata. Suna ɗora yatsa a kan layin ƙarshe, inda aka rubuta sefa miliyan 200, su ce ga ƙarfin kamfanin.

Takardar, wadda ake kira bilan a tsarin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, tana da ɓangare biyu. Actif shi ne abin da ke hannun kamfani, passif kuma yana nuna inda kuɗin ya fito, wato jarin masu kamfani da bashin da ake bin sa. Dole jimillar biyun ta zo daidai, saboda haka daidaituwarsu ba shaidar lafiya ba ce, domin kamfanin da ke dab da karyewa ma haka tasa take.

A wannan takarda bashin da ke kan kamfanin miliyan 170 ne, kuma 150 daga ciki za a biya su cikin shekara guda. Idan aka cire 170 daga 200, abin da ya rage wa masu hannun jari, wato capitaux propres, miliyan 30 ne kacal. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda kadarar ta kasu: fili miliyan 60, hatsi a sito 24, tsabar kuɗi 6, sauran 110 kuwa bashi ne da kamfanin ya ce yana bin mutane. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin bashi a shago ya san ba duk abin da aka rubuta ke dawowa ba. Idan kashi ɗaya cikin uku na wannan bashi ya mutu, kusan miliyan 37 ke nan, jarin ya ƙare gaba ɗaya, kuma ranar rabon kaya sai an sallami masu bin bashi kafin mai hannun jari ya ga ko dala. Kamfani mai miliyan 6 a hannu kuma, in ba daga kuɗin sababbin shiga ba, ina zai samo ribar wata-wata?

Kafin ku miƙa kuɗi, ku nemi bilan na shekara biyu ko uku mai sa hannun akanta mai rajista, da sunayen waɗanda ake bi bashin da tsawon lokacin da ya yi, da takardar mallakar filin, sannan ku tabbatar da lambar RCCM, wato lambar rajistar kamfanin, a ofishin magatakardar kotu. Tallar hannun jari ga jama'a a ƙasashen CEMAC na tsakiyar Afirka sai da amincewar COSUMAF, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari a yankin, don haka ku ce dillalin ya nuna muku ita a rubuce.