Saɓanin rubutu da saɓanin da ke canza yarjejeniya: yadda ake rarrabe su

"Assalamu alaikum. An kawo mini takardar hayar shago ta shekara biyu in sa hannu. A sama sunan mai shagon ya ƙare da Limited, hatimin da ke ƙasa kuma Enterprises. Sunana an rubuta A'isha a wani wuri, Aishatu a wani. Kwanan wata ma bai zo ɗaya ba. Dillali ya ce duk kuskuren mai buga takarda ne. Wanne zan kyale, wanne zan tsaya a kai?"

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sa hannu tukuna. A abin da kika lissafa akwai wanda dillalin ya yi gaskiya a kai, akwai kuma wanda zai iya cinye miki kuɗin hayar shekara guda. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: rubutun nan biyu da suka saɓa, abu ɗaya suke nunawa, ko kowanne yana iya nuna wani abu daban da yake akwai a duniya?

Mu ajiye sunaye biyun nan kusa da juna. A'isha da Aishatu, in dai sunan mahaifi da adireshi sun zo ɗaya, mace ɗaya ce, kamar yadda Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne. Kotu ba ta rushe yarjejeniya don harafi idan babu shakka a kan wanda ake nufi. A gyara shi ya dace da katinki na ɗan ƙasa, shi ke nan. Inda sunan mutum ke zama matsala shi ne a sa sunan mahaifi a sama, a sa na kaka ko na gari a ƙasa, domin a gida ɗaya ana samun 'yan'uwa masu suna iri ɗaya.

Limited da Enterprises kuwa ba harafi ba ne. Kamfanin da ya ƙare da Limited, doka tana ɗaukarsa mutum ne mai zaman kansa: yana mallakar dukiya, yana ƙara, ana ƙararsa, kuma hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, tana ba shi lamba mai farawa da RC. Sunan kasuwanci, wanda galibi ke ƙarewa da Enterprises ko Ventures, lambarsa tana farawa da BN, kuma ba shi da rai na kansa. Mai shi ne ke ɗaukar duk wani nauyi. 'Yan kasuwa da yawa suna da duka biyun, da suna kusan iri ɗaya. To idan shagon na kamfanin ne amma hatimin ɗaya sunan aka buga, ranar da rigima ta tashi kamfanin zai iya cewa bai ba ki haya ba. Idan kuma shagon na ɗan kasuwar ne shi kansa, kamfanin da aka rubuta a sama ya ba da hayar abin da ba nasa ba. Wannan shi ya fi damuna a takardarki.

Yadda za ki gane: ki nemi ganin takardar mallakar shagon, ki ga sunan wa ke kai. Ki sa sunan a shafin bincike na CAC ki ga lambar da ta fito. Sannan ki dubi asusun da aka ce ki tura kuɗin, domin sau da yawa nan ne suna na uku yake ɓullowa. Takardar mallaka, saman yarjejeniya, wurin sa hannu da asusun banki, duk su faɗi suna ɗaya. In kamfani ne, a rubuta sunan wanda ya sa hannu da muƙaminsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta daina wajabta hatimi, ta yarda darakta biyu, ko darakta da sakataren kamfani, ko darakta ɗaya a gaban shaida su sa hannu. Saboda haka hatimi mai kyau ba ya maye gurbin sanin wanda ya riƙe biron.

Kwanan wata shi ma kala biyu ne. Takardar haya tana ɗauke da ranar da aka ƙulla ta a sama, ranar da haya za ta fara a tsakiya, da ranar da kowa ya sa hannu a ƙasa. Ba dole su zo ɗaya ba. A ce an ƙulla ranar 3 ga Maris 2025, haya ta fara 1 ga Afrilu, wannan tsari ne, ba kuskure ba. Mai haɗarin shi ne wanda ke faɗa da kansa. Misali a rubuta wa'adin shekara biyu daga 1 ga Afrilu 2025 zuwa 31 ga Maris 2026. Ki ƙirga da yatsa: wata goma sha biyu ne. Kin biya kuɗin shekara biyu, amma mai shago yana da layin da zai nuna ya ce wa'adinki ya cika. Yawanci hakan na faruwa ne don an ɗauko takardar ɗan hayar da ya gabata a kwamfuta, an canza wasu wurare, an manta da wasu. Haka kuma idan shaida ya sa kwanan da ya bambanta da na wanda ya yi wa shaida, tambaya za ta taso ko yana wurin aka sa hannun. Kada ki yarda da 03/04/2025 ma. Wani zai karanta 3 ga Afrilu, wani 4 ga Maris. A rubuta sunan watan da haruffa.

Adireshi ba zan daɗe a kai ba. Na mazaunin mutum, in ya saɓa, illarsa ita ce takardar sanarwa ta tafi inda ba kya nan, a ce an ba ki wa'adin tashi ba ki sani ba. Na shagon kansa ya fi nauyi: shago mai lamba 14 a tsakiya, 41 a jadawalin ƙarshe, kuma duka biyun suna nan a layin. Ki je ki tsaya a ƙofar ki karanta lambar da idonki.

Abin da ke sa irin wannan ya wuce mutum shi ne karatu daga sama zuwa ƙasa, domin kafin ido ya kai shafi na huɗu ya manta da na farko, kuma yana ganin abin da yake tsammanin gani. Ki samu farar takarda ki ja gida uku: sama, tsakiya, wurin sa hannu. Ki ɗauki abu ɗaya, sunan mai shago, ki bi shi duk inda ya fito, kina kwafe shi harafi da harafi. Sai ki koma farko da sunanki, sai kwanaki, sai lambar shago, sai kuɗi a lamba da a haruffa.

Tunda ba ki sa hannu ba, gyaran mai sauƙi ne: a sake buga takardar gaba ɗaya, ki sake bin ta. In dole sai da biro, a ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda zai karantu, a rubuta daidai a samansa, ku duka ku sa hannu a gefen, a kowane kwafi. Ban da farin fenti na goge rubutu. Bayan sa hannu kuwa, kada ɗayanku ya taɓa komai shi kaɗai, don gyaran gefe ɗaya a muhimmin wuri yana iya lalata takardar. Sai a rubuta ƙaramar takardar gyara ku sa hannu tare. Batun Limited da Enterprises kuma, ki kai wa lauya tare da kwafin takardar mallakar kafin ki tura ko sisi.