Kafin mai situdiyo ya sayi kayan sauya fuska a hoto

Wani abokina mai situdiyo a Garwa ya zo mini da hoton ɗaurin aure: ango ya runtse ido, baki a karkace, ga shi hoton da ya haɗa dangi duka ke nan. Ango da kansa ya ba da wasu hotunansa ya ce a gyara. (In mai fuska bai yarda ba, ni ba na taɓawa.) Abokin nawa yana son sanin wace manhaja zai ɗauka, da irin kwamfutar da za ta iya da ita.

Ga yadda abin yake aiki. Za ka shafe wurin fuskar kaɗai, manhaja ta zuba masa dishi-dishi, sannan ta riƙa share shi mataki-mataki, kamar sau 25 zuwa 30, tana duban wuya, kunne da inuwar hula da ba ka shafe ba. Daga nan take gane ta inda haske ya faɗo. Abin da ya fi komai shi ne `Denoising strength`, wato ma'aunin yawan dishi-dishin da za a zuba. A 0.3 tsohuwar fuska tana nan daram. Daga 0.45 zuwa 0.6 sabuwar ta zauna, karkatar kai da inuwa ba su motsa ba. Ka haura 0.8, sai kai ya juya ya bar wuya.

Mafi sauƙi shi ne Stable Diffusion 1.5, manhajar AI mai zana hoto, da IP-Adapter FaceID, wanda ke ɗauko kamannin fuska daga hoton da ka ba shi. Katin hoto mai 6 GB ya ishe shi, hoto ɗaya na mutum ya wadatar. Sai dai a 512×512 aka horar da shi, don haka ka zaɓi `Only masked`, wato a faɗaɗa wurin da ka shafe a yi aiki a kansa kaɗai, in ba haka ba fuskar da ke cikin taro za ta fito a dame.

InstantID, wanda ya fito a 2024, a kan SDXL yake, wato babban samfurin Stable Diffusion, kuma yana bin matsayin ido, hanci da baki. Kamanni sun fi fitowa, amma ka nemi kati mai 12 GB. Horar da LoRA, wato koya wa manhajar fuskar mutum ɗaya, da hotuna 15 zuwa 20 ya fi su duka kama mutum, to amma ga angon da sau ɗaya za ka yi wa aiki, ɓata lokaci ne, balle in wuta na ɗaukewa.

Na ce masa ya fara da na farkon, ya kuma gwada da baƙar fata kafin ya biya ko sefa ɗaya, domin nan manhajojin suke tuntuɓe. Sukan haska fata har fuska ta bambanta da wuya, su goge tsagar gado kamar tabo ce. Da muka yi na angon a 0.5, sai da muka ja hoton kusa muka ga ɗigon hasken idonsa yana hagu, na sauran mutane yana dama. Muka sauko 0.45, muka sake.