Wace manhaja ce ta dace da cire maimaici daga jerin sunaye?

Kafin ka zaɓi abin da za ka tace jerin sunaye da shi, ka fara sanin me kowace manhaja take ɗauka a matsayin maimaici, domin ba su yi ittifaƙi a kai ba. Layuka biyun da Excel zai haɗe, Power Query zai bar su a matsayin mutum biyu. Kuma babu ɗaya a cikinsu da ta san mutum, haruffa da lambobi kawai suke kwatantawa.

A ce ƙungiyar manoma ta haɗa takardun mazaɓu uku domin rabon taki, suna a ginshiƙin A, lambar waya a ginshiƙin B, sai mutum ɗaya ya fito sau biyar. A layi na farko an rubuta Sani Garba da lambar da ta fara da 0803. A na biyu SANI GARBA ne da manyan haruffa. A na uku akwai tazara ɗaya bayan sunan, wadda ido ba ya gani. A na huɗu sifilin farkon lambar ya faɗi, ta koma 803, abin da Excel ke yi wa lambar waya idan ba a mayar da gurbin Text ba. A na biyar an juya sunan ya zama Garba Sani, lambar kuma ta fara da +234.

Maɓallin Remove Duplicates na Excel, wanda ke ƙarƙashin Data tun fitowar 2007, shi ne mafi sauri. Bai damu da babban harafi ko ƙarami ba, don haka zai haɗe layi na farko da na biyu, ya bar huɗu. Tazarar nan ta isa ta sa ya ɗauki na uku a matsayin wani mutum dabam. Wani halinsa da ke ruɗa mutane shi ne yana duba yadda abu ya bayyana a gurbi: rana ɗaya da aka nuna ta 08/03/2024 a wani layi da 8-Mar-2024 a wani, a wurinsa abu biyu ne. Layin da ya fara zuwa yake ajiyewa, ya goge sauran. Idan sabon bayani kake so ya tsira, ka jera takardar da kwanan wata, sabo a sama, kafin ka danna.

Haɗarin wannan maɓalli ya fi sauƙinsa yawa ga mai gaggawa. Idan ka zaɓi ginshiƙi ɗaya tilo, Excel zai tambaye ka ko a faɗaɗa zaɓin. In ka amsa da Continue with the current selection, sunaye za su matsa sama su bar lambobin waya a inda suke, kowa ya samu lambar wani. Alamar hakan ita ce ginshiƙin A ya ƙare kafin B a ƙasan takardar. Ka yi aikin a kan kwafi, domin da zarar an adana an rufe, Ctrl+Z ba zai dawo da komai ba.

Google Sheets kyauta ne ga mai asusun Google. Nasa maɓallin yana Data > Data cleanup > Remove duplicates, shi ma zai bar huɗu a misalinmu. Ya bambanta da Excel wajen yin watsi da tsarin bayyanar gurbi, don haka ranakun nan biyu ɗaya ne a wurinsa, kuma Version history na ba ka damar komawa takardar jiya.

Wanda ba ya son a taɓa ainihin jerin, dabarar UNIQUE ce tasa, domin tana fitar da sabon jeri a gefe:

```
=UNIQUE(A2:B1200)
```

Sai dai ka duba Excel ɗin da ke kwamfutarka kafin ka dogara da ita. Tana cikin Microsoft 365 da Excel 2021 zuwa sama, amma babu ita a 2016 da 2019. A Excel ba ta bambanta manyan haruffa da ƙanana, a Google Sheets kuwa tana bambantawa, saboda haka dabara ɗaya za ta ba da huɗu a nan, biyar a can. Kada kuma ka sa TRUE a gurbinta na uku da tunanin ƙarin tsafta ne: hakan na fitar da waɗanda suka zo sau ɗaya ne kawai, duk wanda aka maimaita ya ɓace gaba ɗaya.

Power Query, wanda ke cikin Excel na Windows tun 2016, na mai aikin da ke dawowa duk wata ne, domin yana riƙe matakan, sai ka danna Refresh kawai idan sabuwar takarda ta zo. Shi mai tsanani ne, Sani da SANI mutum biyu ne a wurinsa, kuma idan lambar waya na matsayin rubutu, duka biyar zai bari. Ba ya kuma ba da tabbacin wane layi zai ajiye, ko da ka jera su, sai ka lulluɓe matakin jerawar da Table.Buffer. Idan layukan sun haura 1,048,576, iyakar takardar Excel, to pandas na Python ya fi dacewa, amma a karanta fayil ɗin da dtype=str don kada sifili ya faɗi, sannan keep="last" a cikin umarnin drop_duplicates na ajiye layin ƙarshe maimakon na farko.

A ganinmu, ko wacce ka zaɓa, mafi yawan aikin yana gaban danna maɓalli ne. Ka buɗe ginshiƙai uku na taimako, C da D da E:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," "))
=RIGHT(SUBSTITUTE(B2," ",""),10)
=COUNTIF($D$2:$D$1200,D2)
```

Ta farko tana share tazarar banza, har da irin wadda ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, wadda TRIM kaɗai ba ta iya cirewa. Ta biyu tana ɗauko lambobi goma na ƙarshe, ta yadda 0803 da 803 da +234803 za su zama abu ɗaya. Ta uku tana ƙirga sau nawa kowace lamba ta fito. Yanzu idan ka sa alama a C da D kawai a akwatin Remove Duplicates, layuka huɗun farko za su koma ɗaya. Garba Sani zai saura, amma E zai nuna 2 a gabansa, sai ka tace duk abin da ya haura 1 ka bi su da ido.

Wannan bin da ido ba ya da madadi, kuma nan ne haƙƙin mutane yake. In ka yi hukunci da suna kaɗai, Sani Garba biyu na ƙauyuka dabam za su koma ɗaya, wani ya rasa buhunsa. In ka yi da waya kaɗai, miji da mata da suka ba da lamba ɗaya, ɗayansu zai fita daga jerin, kuma saƙon da manhajar ke nunawa adadin da ta cire da wanda ya saura kawai yake faɗa, ba ya faɗin su wa. Haka Muhammad da Mohammed, ko Ɗanladi da Danladi, duk waɗannan manhajoji mutum biyu suke gani. Inda aka karɓi lambar NIN, ita ce ta fi dacewa a yi hukunci da ita, muddin an shigar da ita a matsayin Text kuma kowace ta cika lambobi 11, abin da =LEN(F2) zai nuna maka idan NIN ɗin na ginshiƙin F. Ka fitar da layukan da ba su da NIN gefe tukuna, domin gurabe marasa komai ma maimaicin juna ne a wurin Excel: mutum talatin da ba su kawo lamba ba, ɗaya zai bari.

Jerin da bai wuce 'yan dubbai ba kuma sau ɗaya za a tace shi, maɓallin Excel ko na Sheets ya wadatar bayan an gina ginshiƙan taimako. In wasu za su ci gaba da ƙara sunaye a takardar, ɗauki UNIQUE. In kuwa kowane wata takardun mazaɓu za su sake zuwa, koyon Power Query zai biya wahalarsa, da sharaɗin ka sa matakan Trim da lowercase kafin matakin cire maimaici.