Tafarnuwa ko albasa: wanne ne maganin tarin yaro?

"Jama'a ku taimaka min. Yarona ɗan shekara uku yana fama da tari da majina tun shigowar hunturun nan, a nan Jega. Surukata ta ce in jiƙa albasa a zuma in ba shi, maƙwabciyata kuma ta ce tafarnuwa ta fi kashe ƙwayar cuta. Wanne zan bi?"

'Yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. In ƙarfi ake magana, maƙwabciyarki ta yi gaskiya. In kuma abin da za a ba ɗan shekara uku ne, na surukarki ya fi dacewa, amma ba don albasar ba.

Tafarnuwa in tana dunƙule ba ta da wani kaifi, sai an daka ta ko an tauna. Dakan ne ke haɗa wasu sinadarai biyu da ke zaune a ware a cikinta, su haifi alisin, mai warin nan da yaji. A 1944 masana a Amurka suka ware shi, kuma an sha gwadawa a ɗakin bincike an ga yana kashe bakteriya iri-iri. Sai dai alisin ba ya jure wuta, ba ya kuma daɗewa. Wadda aka dafa a miya ta rasa yawancinsa, ɗanyar kuma da ta shiga ciki jiki ke sauya shi, ba ya kaiwa huhu da ƙarfin da aka gani a kwalbar gwaji. Gwajin da ake yawan kafa hujja da shi kan mura an yi shi ne a Ingila a 2001, kan manya 146 na tsawon mako 12. Masu shan ƙwayar tafarnuwa kullum sun kamu da mura sau 24, waɗanda ba a ba su ita ba sau 65. Amma waɗanda suka kamu ɗin, kwanakin warkewarsu kusan ɗaya ne da na sauran. Ashe in ma akwai amfani, a rigakafi yake, kuma gwaji ɗaya kan manya bai isa a ɗura wa yaro ɗanyar tafarnuwa ba.

Ga kuma illarta, wadda ta fi damuna. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona ciki ta sa amai, in kuma aka ɗaura dakakkiya a ƙirji ko tafin ƙafar yaro aka kwana, fata na iya salewa ta yi bororo. Kada a ɗiga ruwanta a kunne, musamman mai zubar da ruwa, don sau da yawa dodon kunnen ya riga ya huje.

Albasa danginta ce, tana da nata sinadaran masu sa hawaye, amma a gwaji ba ta kai tafarnuwa ƙarfi ba, ko da jar albasar Aliero ce mai yaji. Yanka ta a ajiye a ɗaki ba ya tsotse cuta daga iska, matse ruwanta a idon yaro kuma cutarwa ce kawai.

Abin da ke aiki a haɗin surukarki zumar ce. An gwada ta kan yara an ga tana rage tarin dare na mura. Ki ba shi rabin ƙaramin cokali zuwa ƙaramin cokali ɗaya kafin barci, da albasar ko babu ita. In za ki jiƙa, ki yi na yini guda, don ruwan albasa na tsinka zuma ta yi saurin tsami. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma sam.

Yawancin tarin hunturu ƙwayar cutar bairos ke kawo shi, yana wucewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ake tsoro shi ne ciwon huhu, kuma za ki iya gane alamarsa a gida. Ki bari ya natsu ko ya yi barci, ki ɗaga rigarsa, ki ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya da agogon waya. Shiga da fita ɗaya ke nan. A shekarunsa, in kin samu kamar 30, hanci ne kawai ya toshe, yana ci yana wasa, ki ci gaba da zuma da yawan ruwa, ki ɗaura masa rigar sanyi da asuba. In ya kai 40 ko ya wuce, ku tafi asibiti a ranar, domin wannan aikin maganin amokisilin ne wanda ma'aikacin lafiya zai auna daidai nauyinsa. In kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya kasa shan ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, kada a jira gari ya waye. In da zazzaɓi a tare, a yi masa gwajin maleriya, tarin da ya haura mako biyu kuma a duba shi saboda tarin fuka.