Wanke tankin ruwa: nawa zan sa wa aikin?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi injin feshin ruwa da janareto da tsani da sauran tarkace, sun ci mini Naira 600,000, ina so in fara sana'ar wanke tankunan ruwa na gidaje a Kano. Yaran unguwa suna wanke tanki ɗaya a 7,000, na kuma ga wani kamfani yana tallar 35,000. Wani ya ce in haɗa abin da na kashe in ɗora riba, wani ya ce in bi kasuwa, wani kuma ya ce in duba amfanin da mai gida zai samu. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya albarka. Duka mutanen ukun gaskiya suka faɗa maka, amma kowanne wata tambaya daban ya amsa. Na farko ya gaya maka farashin da in ka sauka ƙasa da shi uwar kuɗinka kake ci. Na ukun ya gaya maka iyakar abin da mai tanki zai iya biya ba tare da ya ji an cuce shi ba. Na tsakiyar ya nuna maka farashin da kunnen mutane ya saba ji. Bari mu ɗora kowanne a kan aikinka. Alƙaluman da zan kawo misali ne, ka cire su ka sa naka.

Mu fara da lissafin abin da ka kashe. Kuɗin da ke fita duk lokacin da ka je aiki ba su da wuyar gani: fetur lita biyu na janareto, a ce 2,000, adaidaita sahu kai da komowa da kaya 3,000, yaron da zai taimaka maka 3,000, kulorin da buroshi da safar hannu 1,000, katin waya 500. Sun kama 9,500. Yawancin masu fara sana'a a nan suke tsayawa, su ce "in na karɓi 12,000 ai na ci 2,500". Ba su ci komai ba, domin akwai kuɗin da ke tafiya ko ka fita ko kana kwance a gida. Kayan nan naka na 600,000, in sun yi shekara biyu kafin su buƙaci sauyi, kowane wata suna cin 25,000. Gyara a ce 10,000, talla 5,000. Sai albashinka kai kanka, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya 70,000 ne, to ba dalilin da zai sa mai hawa tsani a rana tsaka ya rubuta wa kansa ƙasa da 90,000. Jimilla 130,000 ke nan a wata.

Yanzu sai ka raba wannan 130,000 a kan yawan aikin da za ka samu, kuma a nan raunin wannan hanyar yake. In kana samun tanki 26 a wata, kowanne ya ɗauki 5,000, tanki ɗaya ya tsaya maka a 14,500. Ka ɗora kashi 30 cikin ɗari, farashi ya zama 18,850. Amma in tanki 10 kaɗai ka samu, kamar yadda watannin farko suka saba zuwa, kowanne zai ɗauki 13,000, ya tsaya a 22,500, da riba ya kai 29,250. Ka lura da abin da ya faru: lokacin da kasuwa ta yi sanyi, lissafin cewa yake yi ka ƙara kuɗi, ƙarin kuɗin kuma ya kori 'yan kaɗan ɗin da suka rage. Hanyar tana buƙatar adadin da kai sabon shiga ba ka da shi tukuna. Wani ƙaramin abu kuma, kashi 30 da ka ɗora a kan 14,500 ribar 4,350 ce, wadda ba ta wuce kashi 23 na kuɗin da ka karɓa ba. In kana tunanin kashi 30 ce a hannunka ka yi wa mutum ragin kashi 25, ka shiga uwar kuɗi ba ka sani ba.

Duk da haka ba na yarda kowa ya tsallake wannan lissafin. Shi ne kaɗai a cikin ukun yake ankarar da kai idan kayan aiki suka tashi. Waɗanda ke da shi a rubuce lokacin da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, a ranar suka san nawa za su ƙara. Waɗanda ba su da shi sai da jari ya fara raguwa suka farga.

Bin kasuwa kuwa ya fi sauƙi, kuma yana da hujja, tunda mai gida da wani farashi zai gwada naka ko kana so ko ba ka so. Matsalar ita ce farashin wa za ka bi. Yaron da ke karɓar 7,000 tsintsiya da omo da bokiti ne jarinsa, a ƙafa ya zo, ba shi da injin da ke tsufa. Kai in ka karɓi 7,000, kuɗin fita kaɗai 9,500 ne, wato kowane tanki ka wanke ka ciro 2,500 daga aljihunka ka ba mai gidan kyauta. Yawan aiki ma ba zai cece ka ba, sai dai ya yawaita asarar. Kamfanin 35,000 shi ma ba sa'anka ba ne a yau. Wataƙila yana da mota da ma'aikata masu riga iri ɗaya da sunan da aka sani, kuma abin da aka rubuta a talla ba lallai ne shi ake biya bayan an yi ciniki ba. Wanda ya kwafi farashin wani ya kwafi har da kuskurensa, domin ba ka san ko shi ma faɗuwa yake yi ba.

Amfanin waɗannan farashin biyu a wurinka shi ne sun nuna maka fili mai faɗi tsakanin 7,000 da 35,000, kuma sun gaya maka tambayar da za a yi maka a ƙofar gida: "Me ya sa naka ya ninka na yaran nan?" In ba ka da amsa a bakinka, kasuwa za ta ja ka zuwa 7,000.

Amsar wannan tambayar ita ce hanya ta uku, kuma ta fi kyau a gan ta a wurin da ake iya ƙirga amfanin da kuɗi. Ɗauki masaukin baƙi mai ɗaki 20, kowane ɗaki 20,000 a dare, da tankuna huɗu a sama. In manajan ya kira yara, zai biya 28,000, amma za a zubar da ruwan duka a wuni ana dirza, baƙi su rasa na wanka. A ce ɗaki uku suka tashi saboda haka, an yi asarar 60,000. To wankin nan a gaskiya 88,000 ya ci shi. Kai kuwa za ka iya bin tankunan ɗaya bayan ɗaya, kana rufe bawul ɗin wanda kake wankewa sauran suna ba da ruwa, ka gama kafin azahar. Ga shi kuma wuri ɗaya ne, kuɗin mota sau ɗaya za ka biya. Fetur 6,000, yaro 6,000, kulorin da sauransu 4,000, mota 3,000, kati 500, ka haɗa da kason kuɗin wata na aiki biyu, 10,000, aikin ya tsaya maka a 29,500. Da lissafin farko za ka ce 38,350, ka tafi kana murna. Da wannan kuwa kana iya cewa 60,000, manajan ya ga ya tsira da 28,000, kai kuma ribarka ta haura 30,000 maimakon ƙasa da 9,000. Kada dai ka nemi 88,000 ɗin duka. In ka cinye amfanin gaba ɗaya, me zai sa ya bar yaran da ya saba da su ya kira baƙo?

Hanya ta ukun ita ma tana da nata aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Tana cin lokaci, domin sai ka zauna da mutum ka tambaye shi yadda yake yi a da da abin da ke ɓata masa rai. Tana buƙatar shaida, wadda sabon shiga ba ya da ita, shi ya sa nake cewa ka riƙa ɗaukar hoton cikin tanki kafin wanki da bayansa, ka kuma ɗebo laka da gansakukar da ka kwaso a bokiti ka nuna wa mai wurin. A gidajen zama kuma lissafin ba ya fitowa fes haka. Maigida ya san ruwa mai tsabta ya fi, amma ba zai iya ce maka ya kai Naira kaza ba, don haka sai ya koma kan farashin yara. Sannan garin nan magana ba ta kwana. In ka karɓi 15,000 a wannan gida ka karɓi 25,000 a maƙwabcinsa don ka ga mota a ƙofa, kafin Juma'a sun haɗu a masallaci, kuma sunan da za su sa maka ba mai daɗi ba ne. Bambancin farashi ya zama yana da dalilin da ido ke gani: girman tanki, tsayin ƙarfen da aka ɗora shi, aikin dare, ko yarjejeniyar zuwa duk wata shida.

Da ni ne kai, ga gidaje zan rubuta 20,000 a kan tanki mai lita 2,000, in bar wurin tayi, in sallama a 18,000, ba na sauka ƙasa. Dalilina shi ne a 18,000 kowane aiki yana bar maka 8,500 bayan kuɗin fita, tanki 16 sun biya 130,000 ɗin wata. A 15,000 sai ka wanke 24 kafin ka kai wurin, wanda kusan kullum ke nan ba hutu. Ga masaukai da makarantun kwana da asibitoci masu zaman kansu kuwa ba zan faɗi farashi a waya ba sai na je na gani na yi tambayoyi.

In kana son jawo mutanen farko, kada ka fara da farashi mai arha da niyyar ƙarawa daga baya, domin wanda ya saba biyan 12,000 ranar da ka ce 18,000 gani zai yi ka canza hali. Faɗi farashin gaskiya, ka ce akwai rangwame ga gidaje goma na farko ko zuwa ƙarshen wata, ka rubuta duka biyun a rasit. Haka ma 'yan'uwa da abokan arziki, ka yanke tun yanzu cewa ko kyauta za ka yi musu, su biya 9,500 na fita.

Sai ka samu littafi ka riƙa rubuta duk wanda ka faɗa wa farashi da abin da ya ce. In mutum goma a jere suka amsa ba wanda ya taya, ka yi arha, ƙara 2,000 ga masu zuwa. In kusan duka suka ce "zan neme ka" suka yi shiru, kafin ka rage kuɗi ka tambayi biyu ko uku daga cikinsu wa ya wanke musu daga baya. In yara suka kira, bayaninka ne bai shiga ba ko unguwar ba taka ba ce. In ba su wanke ba sam, ba farashi ne ya hana su ba, ba su taɓa leƙa cikin tankin nasu ba ne, sai ka koma musu da hotunan nan.